Wa Zai Dawo Ya Sake Saya? Yadda Mai Ƙaramin Jari Zai Zaɓi Hajarsa

Idan mutum ya ɗauki kuɗin adashi, ko ya sayar da ragon da ya turke, ko aka biya shi wani ɗan haƙƙi a wurin aiki, tambayar da yakan fara yi wa mutane ita ce, "Me ake yayi yanzu?" Amsar da zai samu kuwa kusan ko da yaushe sana'ar da ta riga ta cika ce, domin kafin labarin riba ya iso kunnen wanda ba ɗan kasuwa ba, waɗanda ke ciki sun daɗe da kwasar rabonsu. Kowa ya ga yadda aka yi da sana'ar POS. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da ƙarancin takardun naira, masu ita sun sha romo. Yau a layi ɗaya sai ka ƙirga lema uku ko huɗu, kowa na gadin na'urarsa yana jiran mutum ɗaya ya zo cirar dubu biyar.

Mai ƙaramin jari ba ya iya karawa da kasuwa gaba ɗayanta. Abin da yake iyawa shi ne ya nemi wani ɗan gurbi, wato wata haja ta musamman ga wasu mutane na musamman waɗanda manyan 'yan kasuwa ba su damu da su ba. Kafin ya zuba kuɗinsa a gurbin nan, abu uku yake bukatar ya tabbatar: akwai masu so har su biya, akwai wurin tsayawa tsakanin waɗanda suka riga shi, kuma wanda ya saya yau zai dawo. Na ukun nan shi aka fi mantawa da shi, alhali a ganina shi ke yanke hukunci.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara wata malamar makaranta ce a Kano, tana da naira 120,000 a hannu, tana son sana'ar da za ta yi daga gida bayan an tashi aiki. Abu uku ke mata yawo a rai: ta sari kulolin abinci ta riƙa sayar wa abokan aiki, ko ta haɗa turaren wuta, ko ta yi garin kunun gyaɗa na leda, irin wanda za a dama da ruwan zafi a sha ba sai an kai niƙa ba. Duk farashin da zan ambata na lissafin misali ne. Mai karatu ya cire su ya sa na kasuwarsu ta yau, tsarin lissafin dai ba ya canzawa.

Yabo daban, ciniki daban

Kuskuren farko da za ta iya yi shi ne ta tambayi mutane ko za su saya. A al'adarmu ba a gwasale mutum a fuska. Ta dama kunun ta kai ɗakin malamai, kowa zai ce, "Kai, Malama, wannan ai sai ke! Allah ya sa albarka." Ta ɗora hoto a WhatsApp, mutum ɗari biyu su gani, ashirin su turo "Ma sha Allah". Cikin duk wannan babu naira ɗaya.

Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce wadda ta shafi jiya, domin mutum yana iya yi maka alƙawarin gobe don kara, amma abin da ya riga ya kashe wa kuɗi ba ya ɓoyuwa. Sai ta ce wa abokiyar aikinta, "Anti, yau da safe me yara suka karya da shi? Nawa ya ci? Yaushe rabon da ki dama kunun gyaɗa a gida, kuma me ya hana?" Idan amsar da ke ta maimaituwa ita ce yara na son kunun amma ba lokacin gyara gyaɗa da kai markaɗe da tacewa kafin ƙarfe bakwai, shi ya sa ake ƙarewa a shayi da burodi, to ta gano wata matsala ta gaske wadda tuni ake kashe mata kuɗi ta wata hanyar. Wannan ita ce bukata. Idan kuwa aka ce mata, "Ai 'yar aikina ke yi, ba wuya," to waɗannan gidajen ba nata ba ne, komai yabon da suka yi wa ɗanɗanon.

Daga nan gurbin ya fara fitowa. "Garin kunu" haja ce kawai, kowa na iya yi. "Garin kunun gyaɗa na karin kumallo ga matan da ke fita aiki da sassafe, malamai da ma'aikatan jinya da na ofis, a unguwanni biyu ko uku da za a iya kai musu" shi ne gurbi. Taƙaitawar tana da amfani ta zahiri: ta san inda za ta same su, ta san ƙarshen wata ne suke da kuɗi, ta san ba araha suka fi nema ba, sauƙi suke nema.

Hanya ta biyu ta auna bukata ita ce kantin unguwa. Mai kanti ya fi kowa sanin abin da ke tafiya, kuma ya san abin da ake zuwa nema a rasa. Idan ka sayi wani abu a wurinsa, ka zo lokacin da ba cunkoso, ka ce, "Alhaji, cikin kayan karin nan wanne ka fi yawan komawa Singa ka saro?" zai gaya maka. Ka dubi kantar da idonka ma. Ledar da ƙura ta hau kanta ta kwana biyu a wurin. Wadda ke gaba-gaba, kusa da hannunsa, ita ce mai fita. Wanda ya tsaya kusa da mai koko da ƙosai daga shida da rabi zuwa takwas na safe, ya ƙirga yaran da aka aiko da kofi, ya fi wanda ya kwana yana latsa waya sanin kasuwar karin kumallo a unguwarsa.

Ita ma wayar tana da nata amfanin, amma a san iyakarta. Shafin Google Trends yana nuna yadda neman wata kalma ke hawa da sauka a cikin shekara, kuma ana iya taƙaita shi ga Najeriya ko jiha guda. Sai dai lambar da yake bayarwa, daga 0 zuwa 100, ba adadin mutane ba ce, kwatanci ce da lokacin da aka fi neman kalmar. Kalmomin Hausa da yawa ma ba ya samun isasshen bayani a kansu, ga shi kowa da yadda yake rubuta su. Don haka rashin ganin "garin kunu" a can ba ya nufin ba masu so. Ya fi amfani wajen gane kakar haja fiye da gane girman kasuwarta.

Maganar kaka kuwa, nan ne mutane da yawa ke ruɗar kansu. Wanda ya gwada garin kunu a watan azumi zai ɗauka ya tsinci dami a kala, domin kowane gida na dama kunu da buɗa-baki. Bayan salla ciniki ya faɗi, ga shi ya riga ya narka jari a kayan aiki. Haka mai ƙanƙara a watannin Maris da Afrilu, haka mai man shafawa da rigunan sanyi a hunturu. Ba laifi ba ne mutum ya ci kasuwar lokaci, amma ya san ita yake ci. Gwajin da zai gaya wa malamar nan gaskiya shi ne wanda aka yi a watan da ba azumi, ba sanyi, ba biki.

Gwaji na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran, shi ne a karɓi kuɗi. Ta yi kilo goma sha biyar kacal, leda talatin masu rabin kilo, ta sa farashin da take nufin ci gaba da sayarwa a kai. Kada ta karya farashi don a saya, domin wanda ya saya a 1,500 bai gaya mata komai ba game da ko zai saya a 2,200. Kada kuma ta ba da bashi a wannan zagayen. Mai karɓar kaya bashi yakan karɓi abin da ba zai taɓa cire kuɗi ya saya ba.

Su wa ke cin wannan kuɗin a yanzu?

Da an ce abokan gasa, hankali yakan tafi ga masu sayar da irin hajarka sak. Su ne mafi ƙanƙantar matsalar. Naira ɗari biyar ɗin da uwar gida ta ware wa karin kumallo tana da masu jiranta tun kafin malama ta shigo: mai koko a bakin layi, mai burodi, taliyar yara, garin kastad, kayan gwangwani na kamfani, ɗumamen tuwon jiya. Duk ledar da za ta sayar, daga bakin ɗayan waɗannan za ta ƙwace ta. Saboda haka lissafin da ya kamata ta yi shi ne na kofi ɗaya. Idan ledar 2,200 tana ba da kofi ashirin, kowane kofi ya tashi a naira 110 kafin sukari. Sai ta gwada da kofin koko da na shayi mai madara. In nata ya ninka su, sai ta sami dalili mai ƙarfi da zai sa a biya. In sun yi kusa, to da hanya.

Sannan ta nemo masu yin irin nata, ta sayi na mutum uku ko huɗu da kuɗinta, ta dama kowanne kamar yadda aka rubuta a jiki. A nan take ganin abin da hoto ba ya nunawa. Wani yana gudaji sai an tace. Wani shinkafa ta rinjayi gyaɗa har ya koma kamar koko. Wani an riga an zuba masa sukari, mai ciwon suga ko mai son ya daidaita wa yara ba zai taɓa ba. Wani ledar ba ta rufuwa bayan an buɗe, kwana biyar tururuwa ta shiga. Wani lafiya lau yake, amma mai shi tana can ƙarshen gari, kuɗin ɗan sahu ya kusa rabin kuɗin kayan. Kowane aibi cikin waɗannan ƙofa ce. Ba a bukatar ƙirƙiro sabon abu, gyara abu ɗaya da ke damun masu saye ya isa.

Wani lokaci ma gurbin ba a cikin hajar yake ba, a girman ƙunshinta yake. Kamfanin da ke yin madarar Cowbell ya fara aiki a Najeriya a 1993, lokacin da madarar gari abar gwangwani ce, sai mai hali. Ya zuba ta a ƙananan ledoji da mai ƙaramin ƙarfi zai saya ya sha shayin safiya ɗaya. Madara dai madara ce, abin da ya canza shi ne kuɗin da mutum zai fitar a lokaci guda. Mai tebur da ke ƙulla man gyaɗa da omo a leda wannan hikimar yake bi tun da daɗewa.

Akwai masu murna idan suka duba suka ga ba wanda ke sayar da abin da suke tunani. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan cunkoso. A gari irin Kano, inda ake kasuwanci a Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da wuya a ce wata riba tana zaune a fili ba wanda ya hango ta. Galibi an gwada an bari, ko don kayan na saurin lalacewa, ko don ribar ba ta biyan wahalar, ko don mutane ba sa so. Sai an binciko dalilin tukuna. Yawan masu sayarwa kuma shaida ce cewa akwai kuɗi a wurin. Kantin Kwari cike take da masu atamfa da shadda da leshi, amma ka lura, wanda ya kafu a cikinta yawanci an san shi da abu guda: wannan kayan lefe, wancan yadin makaranta, wancan 'yan sari daga Nijar da Chadi ne mutanensa.

A wannan ma'aunin ne turaren wuta ya fara ba malamarmu matsala. Masu so suna da yawa, ba shakka. Amma masu yi sun fi a ƙirga, sunan Maiduguri ya riga ya zama hatimin inganci a bakin mata, kuma kowace mace tana da wadda take saya a wurinta, sau da yawa 'yar'uwa ko ƙawa. Sabuwar shiga da ba ta gaji sana'ar ba, ba ta kuma da wani haɗi da ya bambanta, ba abin da za ta yi gasa da shi sai karya farashi, mai jarin 120,000 kuwa ba ta da numfashin wannan tseren.

Tambaya ɗaya ta rage a nan: idan abin ya karɓu, me zai hana maƙwabciya ta kwaikwaya cikin mako biyu? A garin kunu, gaskiya, ba abin da zai hana. Ba sirri ba ne. Abin da ke da wuyar kwaikwaya shi ne ɗanɗanon da ba ya canzawa daga leda zuwa leda, da kai kaya ranar da aka ce, da amanar da uwa ke ba wanda ke haɗa abin da 'ya'yanta za su sha. Waɗannan duka sai da lokaci suke ginuwa, kuma ba sa ginuwa sai da mutanen da ke dawowa.

Littafin masu dawowa

Mu ɗora kula da garin kunu a sikeli. A ce ta sari saitin kula a 18,000 ta sayar 22,000. Ribar 4,000 a ciniki ɗaya, abin sha'awa. Garin kunu kuwa, bayan ta haɗa kuɗin gyaɗa da shinkafa da niƙa da gas da leda da takardar suna da kuɗin mota, leda ɗaya ta tsaya mata a 1,600, ta sayar 2,200. Ribar 600 kawai. Wanda ya tsaya a nan zai ce kula ta fi sau shida da ɗoriya.

Amma wadda ta sayi kula yau, sai bayan shekara biyu ko uku za ta sake nema, in ma ta nema. Abokan aikin malama su talatin ne, a wata biyu ta gama da duk mai bukata a cikinsu, daga nan kowane ciniki sai ta nemo sabuwar fuska. Gidan da ke da yara uku kuwa, in suna sha kusan kullum, leda ɗaya kwana goma za ta yi musu. Leda uku ke nan a wata, ribar 1,800, a shekara 21,600 daga gida ɗaya, ba tare da ta sake lallashin kowa ba. Ga kuma jujjuyawar jari: naira 18,000 da ke kwance a kula ɗaya tana jiran mai saye ta isa ta yi leda goma sha ɗaya, ta dawo, ta sake fita sau biyu ko uku kafin wata ya ƙare.

Duk wannan lissafin ya rataya ne a kan kalma ɗaya, "in". In sun dawo. Shi kuwa dawowa ba a gane shi da tambaya, sai da jira da rubutu. Littafi ɗan naira ɗari biyu ya wadatar. Kowane mai saye layinsa: suna, ranar saye, leda nawa, yadda ya ji labari, da ranar da ake sa ran kayan za su ƙare masa. Sai a zuba ido a ga wa zai kira da kansa.

Mu ce ledoji talatin ɗin nan sun ƙare cikin kwana tara. Kafin ta yi murna, ta fara cire 'yan'uwa da aminai, a ce su bakwai ne, domin su zumunci suka saya. Saura 23. Bayan mako uku, goma daga cikinsu suka sake saya. Bayan wasu makonni ukun, takwas suka saya karo na uku. Waɗannan takwas ɗin su ne sana'ar. Saye na farko son gani ne, na biyu yana iya zama kara, na uku kuwa alama ce kunun ya shiga tsarin gidan. Takwas cikin 23, kusan mutum ɗaya cikin uku ke nan.

Da wannan adadin za ta iya hango gaba ba da hasashe ba. Gida takwas suna kawo ribar 14,400 a wata. Idan burinta 60,000 ne, tana bukatar gida 34 masu tsayawa, wato sai kusan mutum ɗari sun saya sun gwada. Yanzu sai ta tambayi kanta ko akwai irin waɗannan mata ɗari a inda ƙafarta ke kaiwa. Makarantarsu da makarantu biyu na kusa da asibitin unguwa, ƙila su kai. In ba za su kai ba, gurbin ya yi ƙunci, sai ta faɗaɗa shi kaɗan, misali ta haɗa da ɗaliban jami'a masu zama a hostal ko masu jego.

Ta kuma san abin da samun mutum ɗaya ke ci mata. A ce tana raba ɗan ƙullin ɗanɗano na naira 300, kuma cikin mutum biyar da suka karɓa ɗaya ke sayen leda. Mai saye ɗaya ya ci 1,500. Tunda sai an sami masu saye uku ake tsira da ɗaya, mai tsayawa ɗaya ya ci 4,500. Gidan da ke kawo 1,800 a wata zai biya wannan cikin wata biyu da rabi, abin da ya biyo baya riba ce. Da a kan kula aka kashe 4,500 don samun mai saye ɗaya, an yi asarar 500 tun kafin a kai kayan.

Mutum goma sha ukun da ba su dawo ba ko sau ɗaya, su ma suna da abin faɗa, kuma ya fi yabon masu dawowa amfani. Sai dai ba a tambayarsu "Me ya sa ba ki sake saya ba?" domin kunya za ta sa a ce, "Wallahi na yi tafiya ne." A ce, "Hajiya, ledar nan ta ƙare kuwa, ko da saura?" Idan da saura bayan wata guda, ba a sha ke nan, matsalar ɗanɗano ce ko yara sun ƙi. Idan ta ƙare tun tuni amma ba a kira ba, to ko kuɗi ne, ko mantuwa, ko wahalar karɓowa. Kowanne da maganinsa. Na kuɗi, ƙaramar leda ta 1,000. Na mantuwa, saƙo ɗaya kwana biyu kafin ranar da littafi ya nuna kayan za su ƙare. Na wahala, rana ɗaya tsayayya a mako da ake kai wa kowa har wurin aiki. Na ɗanɗano ne kawai ke mai da mutum kicin.

Abin da ke korar wanda ya riga ya saba

Gyaɗa mai ce, mai kuwa yana juyawa. Garin da ya daɗe, musamman a zafin bazara ko in an ajiye shi inda rana ke bugu, yakan soma wani wari da ɗaci a maƙogwaro. Leda ɗaya irin wannan ta isa ta raba ki da gidan da kika yi wata uku kina ginawa, kuma ba za a gaya miki ba, shiru kawai za ki ji. Shi ya sa yin kaɗan-kaɗan duk mako ya fi tara na wata biyu, ko da niƙa da yawa ya fi araha. A rubuta ranar da aka yi a jikin kowace leda, a kuma ajiye ɗaya daga kowane zubi a gida, ana buɗawa ana shinshinawa, don a san iya kwanakin da yake yi da gaske.

Wanda ya fi wannan haɗari ba ya wari. Gyaɗar da ta sha danshi takan yi fumfuna mai haifar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Mai yi wa yara abinci dole ta zauna ta tsince duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, ta kuma guji buhun da aka karya wa farashi ba dalili. Wannan tsintar aiki ce mai cin lokaci, a sa ta cikin lissafin kuɗin leda tun farko.

Sai farashin kaya. Gyaɗa da shinkafa sun fi sauƙi da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, su yi ta hawa har damina. Ribar 600 da aka lissafa a Nuwamba tana iya komawa 200 a Yuli. Wanda ya ga yadda kuɗin mota da na niƙa suka tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san ribar da ba ta da kauri ba ta jure girgiza. Mai sayar da kula yana iya ƙara farashi ba wanda ya lura, domin mai sayensa ya manta nawa ya biya bara. Mai sayen kunu kuwa ya biya kwana goma da suka wuce, ƙarin naira ɗari ma sai ya gani. Wannan shi ne harajin da hajar maimaici ke ɗora wa mai ita. Wasu sukan rage awo a ɓoye ko su ƙara shinkafa, mai dama kunun nan kullum kuwa cokalinta zai gaya mata. Gara a faɗa a fili cewa gyaɗa ta hau.

Bashi ma yana kora, ta hanyar da ba a zato. Wadda ake bi kuɗin leda biyu takan daina kira gaba ɗaya, ta koma saye a wani wuri da kuɗi a hannu, don kada a haɗu. An rasa kuɗin, an rasa mutum. Tunda masu sayen nan 'yan albashi ne, tsarin da ya fi dacewa da su shi ne a biya na wata gaba ɗaya idan albashi ya shigo, a riƙa kai leda duk kwana goma, a saka musu da ɗan ragi. Adadin waɗanda suka yarda da wannan tsarin ma wani ma'auni ne, ya fi duk na baya ƙarfi.

To, a ce sakamakon ya zo akasin haka, cikin 23 uku kacal suka dawo, kuma yawancin sauran suna da ragowar gari a kwaba. Malama ta kashe 48,000 a leda talatin, ta karɓi 66,000, jarinta na nan har da ɗan ƙari. Sai ta gyara haɗin ta sake zagaye ɗaya da sababbin mutane, ko ta ajiye batun ta gwada yajin daddawa ko sabulun wanke-wanke na ruwa da wannan littafin dai. In kuwa takwas ɗin nan suka tabbata, suka fara turo ƙawayensu, to lokacin sayen na'urar liƙe leda da sikeli mai kyau ya yi, da shiga Dawanau da kaka a ɗauki gyaɗar wata uku ko huɗu in akwai busasshen wurin ajiya. Manyan kantuna ba sa ɗora kayan abinci na leda a kanta sai da lambar NAFDAC, neman lambar kuma yana tafiya da rajistar sunan kasuwanci da duba wurin da ake haɗa kayan. Wannan ɗawainiya ce da ta cancanci a shiga idan gidajen da ke cikin littafi sun kai talatin suna biya duk wata, domin a lokacin ribarsu ce za ta ɗauki nauyinta, ba kuɗin adashi ba.